Jawabin wakilin ɗalibai ranar yaye masu koyon aikin kula da dabbobi a Maraɗi

Malamanmu, iyayenmu da kuka taso daga rugage da kasuwanni, sannunku da zuwa.

'Yan uwana ɗalibai, da ku zan yi magana. Takarda ta shigo hannu, amma kun san aikin gwamnati ba ya jiran kowa a bakin ƙofa. Yayyenmu da suka fita gabanmu, wasu sun gama bautar ƙasa suna zaune har yanzu. Ku kai takardunku duk inda aka buɗe gurbi, amma kada jira ya zama sana'arku. Abin da muka koya yana iya ciyar da mutum, kuma misali guda zan ba ku: turke rago.

A ce saura wata uku Layya. Ka sayi ramammen rago jikka 50. Buɗe bakinsa tukuna: manyan haƙora biyu a ƙasa na nuna ya haura shekara, yana da sauran girma a gaba. Ka ba shi maganin tsutsar ciki, ka ware shi sati biyu kana lura. Majina, zawo da gyambo a baki alamun annobar tumaki da awaki ne, kada ka haɗa shi da sauran. Dusa kuwa a hankali ake ƙara ta bisa harawa, don wanda ya cika masa ita rana guda zai tarar da ciki a kumbure.

Sai lissafi. In yana cin na dala hamsin kullum, kwana 90 jikka 22 da rabi ke nan. Magani jikka 2 da rabi, duka 75. In ka sayar 95, ribarka 20. Amma fa in huɗu ka turke ɗaya ya mutu dab da Salla, ka kashe 300, hannunka ya dawo da 285. A nan da yawa ke cewa sana'ar ba ta karɓe su ba. Ni ina ganin littafi ya kamata su duba: ranar saye, abin da aka ba shi, ranar da ya daina ci. Wanda ya rubuta zai gane inda aka kuskure, ya sake turkewa baɗi.

Iyayenmu 'yan kasuwa sun fi mu sanin sauran. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, kuma in naira ta faɗi, ragon da aka kai Jibiya ba ya maido sefar da aka zuba masa. Saboda haka kafin ka saya, ka tambayi dillali a Maraɗi, ka tambayi na ƙetare, ka ji canjin ranar.

Ku kuma iyayenmu makiyaya, roƙonmu guda ne: in dabba ta ƙi ci, ku kira mu tun da safe, kafin ta kwanta.

Allah ya mayar da kowa gida lafiya.