Magina uku, farashi uku: yadda na gano abin da mai arha bai rubuta ba

Yau maganar gini za mu yi, don na san da yawa a cikinku an samu ɗan fili, ana ta tara kuɗi, wasu kuma iyaye ne suka ce "kai da ka yi boko, je ka nemo mana magini." To ni ma haka ta faru da ni. Mahaifiyarmu ce za a yi wa ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki, aka ɗora mini aikin neman wanda zai yi.

Na kira mutum uku, kowa ya zo ya ga fili, na yi masa bayani da baki, ya tafi ya kawo lissafinsa. Na farko ya ce miliyan 8 da dubu 400. Na biyu miliyan 10 da dubu 900. Na uku miliyan 12 da dubu 600. Kuɗin lokacin ne fa, kar wani ya riƙe su ya je yana musu da maginin unguwarsu, kun san yadda farashin siminti yake, yau daban gobe daban.

Wallahi da na ga na farkon, a raina na gama yanke hukunci. Tazarar sama da miliyan 4 tsakaninsa da na uku! Har na fara lissafin abin da za a yi da rarar. Allah Ya taimake ni, kafin in tura kuɗi na biya ta wurin kawuna, wanda ya shekara da shekaru yana aikin birkila kafin ƙafa ta hana shi hawa tsani. Ya karɓi takardun uku, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce mini, "Ɗana, ai waɗannan ba gida ɗaya suka gina maka ba. Gida uku ne daban-daban."

Ya sa na ɗauko takarda babba na ja layi gida huɗu. A gidan farko na jera ayyukan tun daga ƙasa har sama: haƙa tushe, kankaren tushe, bulo, ciko, jaman fulo, linta, rufi, ƙofofi da tagogi, filasta, wayarin, aikin famfo, sokawe, silin, fenti. Sauran gidaje ukun, kowane magini da nasa. Duk abin da mutum ya rubuta sai in sa kuɗinsa a gurbinsa, abin da bai rubuta ba in bar wurin fili. Ya hana ni cike gurbi da zato. Ya ce abin da ba ya kan takarda, ka ɗauka babu shi, don ranar da rigima ta tashi takardar za a duba.

Da na gama sai ga layin mai arha duk ramuka. Babu sokawe, alhali akwai banɗaki. Babu wayarin kwata-kwata. Babu ciko da jaman fulo, wato ƙasar da ake zubawa a cike cikin tushe a daddaɓe, da kankaren da ake shimfiɗawa a kai kafin a ci gaba da tayar da bango. Sannan babu kuɗin ruwa da na dakon kaya, kuma filin namu a bayan gari yake, babu rijiya kusa, sai an sayo ruwa a tanka. Na ɗauki kuɗin da na biyu ya sa wa waɗannan ayyukan na zuba a ramukan: sokawe dubu 650, wayarin dubu 550, ciko da jaman fulo dubu 700, ruwa da dako dubu 300. Jimla miliyan 2 da dubu 200. Nan take mai miliyan 8 da dubu 400 ya koma miliyan 10 da dubu 600.

Wannan mai sauƙin ganewa ne, tunda gurbin a fili yake. Wanda ya fi wuya shi ne abin da aka rubuta amma aka rage yawansa. A nan zan ɗan tsaya, don lissafi ne da kowa zai iya yi da wayarsa.

A layin bulo, na farko ya rubuta 1,500, na biyu 2,050, na uku 2,100. Gida ɗaya, amma bambancin bulo sama da 500? Kawu ya ce mu ƙirga da kanmu. Bulo ɗaya tsawonsa santimita 45 ne, tsayinsa 22 da rabi, saboda haka in ka haɗa da simintin da ke tsakani, bangon da ya kai mita ɗaya a tsaye mita ɗaya a kwance yana cin bulo kusan 10. Ko mai inci 9 ne ko mai inci 6, fuskarsu ɗaya ce, a kauri suka bambanta. Muka haɗa tsawon bangon gidan gaba ɗaya, na waje da na ciki, ya ba mu mita 60. Tsayi mita 3, ka ga 180 ke nan. Muka cire wurin ƙofofi da tagogi, kusan 20, saura 160. Sau 10, bulo 1,600. Wannan na sama ne kawai. A tushe za a yi layi uku, kowane layi a mita 60 yana cin kusan bulo 130, ka ce 400 a dunƙule. Jimla 2,000, ban da waɗanda za su fashe wajen saukewa daga mota. Ka ga na biyu da na uku suna kan hanya. Na farko kuwa da 1,500 ɗinsa, kafin a kai rufi bulo zai ƙare, a kira ni a waya a ce "Yallaɓai, a ƙaro kuɗi." A lokacin kuma ba ni da zaɓi, gini na tsaye rabi, damina na tafe. Da muka ƙiyasta bulo 500 da simintin ɗora su da kuɗin aikinsu, dubu 450 ya ƙaru. Mai arha ya zama miliyan 11 da dubu 50. Ya wuce na biyu.

To kar ku ce na uku ɓarawo ne shi ma, don tsada ita ma ana bincikenta. Da na bi layinsa sai na ga ya sa tayil a gidan gaba ɗaya da silin na zamani mai ado, abin da ban nema ba, mu daɓen siminti da silin na kwali muka tsara. Da aka mayar da su yadda muke so, miliyan 1 da rabi ya fita, ya dawo miliyan 11 da dubu 100. Ku duba fa: tazarar da na gani ta sama da miliyan 4, da aka daidaita komai sai ta koma dubu 200 tsakanin mafi sama da mafi ƙasa.

Akwai kuma kalmomin da ke ɓoye abu a cikinsu. Na biyu ya rubuta "kwano" kawai, da kuɗi a gefe. Wane kwano? Kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.45 daban, mai 0.55 daban, kuma akwai wanda bai kai su ba, kowanne da kuɗinsa. Haka "rodi". Mai milimita 10 ne ko 12? Guda nawa? Na uku ya rubuta kauri da adadi, na biyu sai da na tambaya ya ce 0.45 yake nufi, shi kuwa na uku 0.55 ya sa. Duk inda kuka ga sunan kaya babu kauri, babu adadi, ko an rubuta "aikin famfo gaba ɗaya" da kuɗi a dunƙule, ku sa masa alama ku tambaya. Shin akwai masai da wurin wanke hannu a ciki, ko bututu kawai za a binne?

Yanzu maganar adalci, don kar a ce na zo ina ɓata masu sana'a. Na koma wurin na farko, dattijo ne, na ce, "Baba, na ga babu sokawe da wayarin a lissafin." Ya ce, "Yaro, ai ni magini ne. Wuta aikin mai wuta ne, sokawe kuma ba ka ambata ba." Kuma gaskiyarsa. Laifin farko nawa ne, da baki na yi wa kowa bayani, kuma abin da na gaya wa wannan ba lallai shi na gaya wa wancan ba. A maganar bulo dai ya ɗan yi shiru, ya ce ƙiyasi ya yi da ido. Ban san zuciyarsa ba, ban kuma zarge shi ba. Amma akwai masu yin haka da gangan, su karya farashi su karɓi aiki, sun san da zarar an haƙa tushe ba ka iya korarsu cikin sauƙi. Ko ganganci ne ko kuskure, aljihunka ne zai biya.

Abin da na yi daga nan, na samu mai zane ya fitar mana da zanen gidan da awonsa, na buga jerin ayyukan nan da irin kayan da muke so, na ba kowannensu kwafi iri ɗaya, na ce a sake lissafi, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. A ƙasan takardar na bar fili na rubuta: "Abubuwan da ba sa cikin wannan kuɗi." Wannan layin ya fi komai yi mini amfani, don mutum zai iya mantawa da abu, amma da wuya ya sa hannu a kan cewa komai na ciki alhali ya san babu. Na kuma tambayi kowa farashin nan kwana nawa zai tsaya, kuma in siminti ya tashi a tsakiyar aiki wa zai ɗauki ƙarin.

Abu ɗaya da kawu ya hana ni, kuma na yarda da shi: ɗaukar takardar wani in nuna wa wani in ce ya rage. Ya ce magini zai rage maka a takarda, sannan ya fanshe a kwaɓi, buhun simintin da ya kamata ya ɗora bulo 50 sai a ja shi ya ɗora 70, kai kuma ba za ka gani ba sai bango ya fara tsagewa.

A zagaye na biyu dattijon nan ya kawo miliyan 11 da dubu 200, na biyu ya koma miliyan 11 da dubu 300 bayan ya sa kwano mai kauri, na uku yana nan a kan miliyan 11 da dubu 100. Da kuɗi suka zo kusa da juna sai na je na ga gidajen da kowannensu ya gina, na yi magana da masu gidajen. Na ukun muka ba, wanda da farko ko kiransa ban yi niyyar sake yi ba. Muka rubuta cewa biya mataki-mataki ne, tushe, linta, rufi, gamawa, kuma za mu riƙe kashi 5 cikin 100 sai an ga yadda rufin ya yi da ruwan farko. Ya karanta, ya yi dariya, ya ce "Wa ya koya maka wannan?" Sannan ya sa hannu.