Koren Zoben da ke Jikin Gwaiduwa: Guba Ne ko Wuta Ce Ta Yi Yawa?

 

An ba mu ƴan mintuna mu yi magana a kan tambayar da ke dawowa duk damina, lokacin da zabi suka fara zuba ƙwai. Da yawa daga cikinmu muna dafa ƙwan zabi a kai tasha ko kasuwar Ɗambatta da ta Bichi. Sai mai saye ya ɓare, ya raba biyu, ya ga wani kore-kore mai haɗe da ruwan toka ya zagaye gwaiduwa, ya ce ƙwan ya lalace, a ba shi kuɗinsa. Wata kuma a gida za ta gani, ta hana yara ci, ta zubar. To, amsar a taƙaice ita ce: wannan zoben ba guba ba ne, ba ya cutar da babba ko yaro ko mai ciki. Amma yana ba da labarin yadda aka dafa ƙwan, kuma ya kamata mu iya karanta labarin.

Bari mu fara da inda yake fitowa. Farin ƙwai yana ɗauke da sinadarin farar wuta, ita kuma gwaiduwa tana ɗauke da sinadarin ƙarfe, irin wanda ake ba masu ciki a asibiti don ƙarin jini. Kowanne yana zaune a ɓangarensa. Idan zafi ya daɗe yana dukan farin, sai farar wutar ta fita a matsayin iska, wannan iskar da muke ji a hanci idan an ɓare dafaffen ƙwai. Iskar tana kutsawa ciki, ta tarar da ƙarfe a bakin gwaiduwa, su haɗu su zama abu mai duhun kore. Shi ya sa zoben yake tsayawa daidai kan iyakar fari da gwaiduwa, tsakiya kuwa tana nan rawaya. Tun a shekarar 1920 wasu masana biyu a Landan, Tinkler da Soar, suka bincika suka bayyana haka. Babu abin da ya shigo daga waje. Kayan da ke cikin ƙwan ne suka haɗu, kuma ɗan kaɗan ne ƙwarai. Iyakar asararsa, gwaiduwa ta bushe ta riƙa maƙale wa mutum a maƙogwaro, ƙwan kuma ya ƙara ƙarni.

Abu uku ne ke kawo shi. Na farko, daɗewa a wuta. Gwaiduwa tana daskarewa tun zafi yana wajen digiri 70, ruwa kuwa sai wajen digiri 100 yake tafasa. Ke nan ba sai an azabtar da ƙwai ba kafin ya nuna. Idan ya wuce kamar minti 15 yana tafasa, zobe ya fara fitowa. Mu kuma mun saba cewa ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi, don haka sai a ƙara masa wuta. Taurin ɓawo ba ya hana zafi shiga, kuma ƙwan zabi ya fi na kazar gidan gona ƙanƙanta, bai kamata ya fi shi daɗewa ba.

Na biyu, rashin sanyaya shi da wuri. Mace za ta sauke tukunya ta bar ƙwai a cikin ruwan zafinsa ta tafi wani aiki, ko ta kwashe cikin roba ta rufe da tsumma. Wuta ta mutu, amma dahuwa ba ta tsaya ba, domin zafin da ke ciki yana ci gaba da aikinsa.

Na uku, tsufan ƙwai. Ƙwan da ya kwana biyu ya fi sabo saurin yin zobe. Wannan ya shafe mu sosai, don zabuwa a ɓoye take yin gurbi, cikin ciyawa ko gindin shinge, kuma ranar da aka gano gurbin ba a san wanne ne na jiya, wanne ne na makon jiya ba. Maganinsa gwajin ruwa kafin a dafa. Wanda ya nutse ya kwanta, sabo ne. Wanda ya nutse amma ya miƙe tsaye, ya kwana biyu, a ci shi da wuri. Wanda ya taso saman ruwa, a fitar da shi, kada baragurbi ya shiga kayan sayarwa.

Yanzu mu ɗauki misalin mai ƙwai 60 da za ta kai kasuwa. Idan ta lafta su duka a tukunya ɗaya a kan murhun kara, ruwan zai daɗe bai tafasa ba, na ƙasa su sha wuta, na sama su tsaya ba su gama ba. Sai ta ƙara lokaci saboda na sama, na ƙasa kuma su yi kore. Gara ta raba su 30-30. Ta jera su, ta zuba ruwa ya shanye kansu da kamar yatsa biyu. Daga lokacin da ruwa ya tafasa, ta zare itace ya koma tafasa a hankali, sannan ta duba agogon waya: ƙwan zabi minti 8 zuwa 10, na kazar gidan gona minti 10 zuwa 12. Lokaci yana cika ta kwashe su cikin ruwan randa mai sanyi. Ƙwai 30 masu zafi za su ɗumama ruwan nan da nan, don haka ta zubar ta sake wani, har sai ta riƙe ƙwai a hannu ba ta ji zafi ba. Ruwan ya zama mai tsabta irin na sha, domin ƙwai yana iya jan ruwa ta ƙananan ƙofofin ɓawo ko ta inda ya tsage. Daga nan ta fasa ɗaya ta duba. In tsakiya ba ta daskare ba, ta ƙara minti biyu a tukunya ta gaba. In ta ga zobe, ta rage biyu.

Sai dai mu yi hattara, kada mu ce duk kore lafiya ne. Zoben wuta siriri ne, a bushe, a gefen gwaiduwa kaɗai. Idan kuwa farin ƙwan ne ya yi kore ko ja-ja, ko aka ga baƙaƙen ɗigo, ko yana yauƙi, ko ɗoyi ya bugi hanci, wannan ruɓewa ce, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi. Haka kuma ƙwan da gwaiduwarsa take rawaya tas yana iya ɓata ciki idan ya wuni ya kwana cikin zafi, domin dafaffen ƙwai ya fi ɗanye saurin lalacewa. Kwantan jiya da aka sake tafasawa don ya fita da ɗumi yakan yi zobe mai kauri. A nan ba zoben ne abin tsoro ba, kwanan da ƙwan ya yi ne. Tunda yawancinmu ba mu da firji, mu dafa daidai abin da zai ƙare da wuri, sauran mu bar su ɗanye a inuwa. In ciniki ya buɗe, a sake ɗora wata tukunya.

In mai saye ya nuna mana zobe, mu gaya masa gaskiya cewa wuta ce ta yi yawa, ƙwan lafiyarsa lau. In ransa bai kwanta ba mu canza masa, gobe kuma mu kula da agogo da ruwan sanyi.

Allah ya sa albarka a sana'armu, ya maimaita mana ta baɗi.