Maganin asibiti da ƙarfin ɗa namiji: abin da za ka tambayi likita

Yau zan taɓo maganar da ake jin nauyinta, to amma shirun da muke yi yana kai mutane ga shanyewar ɓarin jiki.

Akwai wani yayana, ɗan baffana, shekararsa 41. Da izininsa nake ba da labarin nan, sai dai ba zan kama suna ba. Noman shinkafa yake yi a fadamar Bakolori. Bayan tashin hankalin 'yan bindiga ya taso shi daga ƙauyensu a yankin Maradun zuwa Talata Mafara, aka auna jininsa aka samu 170 bisa 100. Likita ya ɗora shi kan atenolol da ƙwayar da ke sa yawan fitsari, wato haidirokulorotayazaid.

Jini ya sauka. Amma bayan kamar sati shida sai ya lura gabansa ba ya tashi yadda ya saba. Bai gaya wa kowa ba. Ya ajiye maganin, ranar Talata ya shiga kasuwa ya sayi maganin maza. Da ciwon kai da bugun zuciya suka matsa masa na raka shi asibiti, jinin ya kai 190 bisa 110. A hanya ne ya ce mini, "Ƙanena, wallahi kunya ce ta hana ni magana."

Zarginsa yana da tushe. Atenolol da ɗan'uwansa furofanolol, da ƙwayoyin fitsarin nan, da metildofa, an san suna iya raunana tashin gaba ga wasu maza. Kuskurensa shi ne tsayar da su kai tsaye, domin yanke atenolol rana ɗaya kan sa zuciya ta yi gudu, jini ya yi sama. Likita ya auna masa suga, tunda ciwon suga da shi kansa hawan jinin suna lalata ƙananan jijiyoyin da ke kai jini gaba. Suga lafiya lau. Sai ya mayar da shi kan amlodifin da losatan, waɗanda ba kasafai suke kawo wannan matsala ba. Cikin 'yan makonni al'amura suka daidaita.

Maganin ciwon damuwa kuma nasa salon daban ne. Irin su fuloksetin, satiralin da faroksetin sun fi rage sha'awa da jinkirta kawowa, kuma mata ma abin yana shafarsu sosai. Sai dai ita kanta damuwar tana kashe sha'awa. Shi ya sa za ka tambayi kanka: wanne ya riga zuwa? In matsalar ta fara ne 'yan makonni bayan soma magani ko ƙarin adadinsa, a zargi magani. In ta riga shi, wataƙila ciwon ne. Shi ma kar a yanke shi lokaci guda, don yana kawo jiri da rashin barci, ciwon kuma yana iya dawowa. Akwai irin su mitazafin da suka fi sauƙi ta wannan fannin. Daga Bakura ko Mafara, in abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, ana iya tura mutum Asibitin Tarayya na Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

To me za ka ce wa likita? Zuba duk magungunanka a leda ka tafi da su, har na gargajiya. In kana shan tiramol ka faɗa, don yawan shansa yana rage sinadarin maza. Buɗe baki da cewa, "Likita, tun da na fara maganin nan na ga canji a harkar iyali." Sannan ka tambaya: cikin waɗannan wanne ne zai iya jawo haka? Za a iya rage shi ko a canza mini wani? In za a canza, ta yaya zan sauka daga tsohon? Sati nawa zan jira kafin in dawo? Akwai buƙatar auna suga?

Tambaya ta ƙarshe ita ce mai ceton rai: zan iya shan bayagira? Wanda ke shan maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe, in ya haɗa shi da bayagira jininsa na iya faɗuwa warwas. Kuma an sha gano sinadarin bayagira ɓoye cikin maganin maza da ake tallarsa a matsayin na gargajiya.

Matan gida, in kin ga maigida ya ajiye ƙwayoyinsa ba bayani, ki lallaba shi ya koma wurin likita. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.