Jaje Daban, Iƙirari Daban



Mu ɗauka wani ɗan kasuwa daga Yamai ya sayi buhu ashirin na wake a hannunka nan Filinge. Bayan kwana goma sai ga muryarsa a WhatsApp, yana faɗa: buhu shida duk ƙwari, kai macuci ne. Kunya ta kama ka, ka ce, "Alhaji, laifina ne, zan biya." Wannan muryar taka tana iya zama a wayarsa. Ko a gaban alƙali ko a gaban sarkin kasuwa, ita zai fara kunnawa, kuma malamanmu na Malikiyya sun san cewa iƙirarin mutum a kan kansa yana kama shi.

Hausa ta riga ta raba mana maganar. "Sannu" da "yi haƙuri" jaje ne. Ana faɗarsu ga wanda jakinsa ya mutu, ba don kai ka kashe ba. "Ka yafe mini" kuwa, mai laifi ke faɗarta. Saboda haka ka bar shi ya gama fushinsa, kada ka katse shi, sannan ka ce: "Alhaji, sannu da wannan asara, wallahi ban ji daɗi ba. Kada a taɓa buhunan. Turo mini hotonsu, jibi zan zo da kaina mu buɗe tare." Ka ba shi girma da rana tsayayya, ba ka ba shi hukunci ba. Amma kada ka ce "waken lafiya ya bar hannuna", don wannan ma ba ka sani ba tukuna.

Waken ne zai yi shaida. Ƙwaron wake yana ɗaukar mako uku zuwa huɗu daga ƙwai zuwa ya huda ƙwaya ya fito. Idan a kwana goma tsakiyar buhu cike take da huji, ƙwan daga ma'ajiyarka ya tafi, sai ka biya ba gardama. Idan kuwa buhu mai ruɓi uku ne, aka tarar ledojin ciki sun yage wajen lodi ko a hanyar Balleyara, ko an jingina shi da tsohon wake, to magana ta koma kan wanda kayan ke hannunsa lokacin.

Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka sabunta a 2010 kuma Nijar ke aiki da ita, ta ba mai saye wata ɗaya ya kawo kukan aibin da ido ke gani, a ciniki tsakanin ƴan kasuwa. Alhaji yana cikin lokacinsa, kada ka raina kukansa. In kun tashi sulhu, a kira dillalin da ya haɗa ku, a rubuta buhu nawa, kuɗi nawa, da cewa magana ta ƙare a nan.