Abin da Hoton Talla Yake Faɗi Ba da Baki Ba



Ga takardar tallan man shafawa da muka samo a wani shago, mu karanta ta tare.

Mu fara da launi. An raba hoton biyu: a hagu fuskar tana cikin duhu, babu fara'a, a dama an zuba mata haske da ruwan zinariya. Fitilar mai ɗaukar hoto ce ta yi wannan aiki, ba mai ba. Shaida kuwa, har mayafinta ya ƙara haske, alhali mayafi ba ya shafa mai.

Sai wadda aka zaɓa: budurwa mai lalle da kayan amarci, domin 'ya'yanmu su ga kansu a cikinta. Taken tallan kuma an ɗora shi daf da kumatunta, inda ido yake fara sauka, sunayen sinadaran kuwa ba a kawo su ba sam.

Babu inda aka rubuta cewa mai shafawa za ta sami miji. Kayan amarcin ne suka ɗauki alkawarin, saboda haka babu wanda za a kama da ƙarya. A 2023 hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi mai tsanani kan mayukan bilicin, domin wasunsu suna lalata fata da ƙoda.

Mu kai irin wannan hoto aji shida, mu rufe rubutun da tafin hannu, mu tambayi yara: me aka yi muku alkawari, kuma wa ya furta shi?