Zane a Takardar Jarrabawa: Abin da Ido Ya Gani da Abin da Hujja Ta Tabbatar

A takardun lissafi na jarrabawar gama makarantar sakandare, kamar waɗanda Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma take fitarwa, akan sami wani zane da ɗalibai suka saba gani: layuka biyu miƙaƙƙu a kwance, kowanne da ɗan kan kibiya a tsakiyarsa, da kusurwoyi biyu da aka rubuta wa awonsu, da kusurwa ta uku da aka sa wa alamar x. Sau da dama hoton tsohuwar takarda ne yake isa hannun ɗalibi, wanda wani ya ɗauka da waya ya aiko masa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi zane guda ɗaya irin wannan daki-daki, a ga abin da ya halatta a ɗauka daga cikinsa, da abin da sai an kafa masa hujja.

Ga siffar zanen. Layin AB yana sama, A a hagu, B a dama. Layin CD yana ƙasa, C a hagu, D a dama. Kan kibiyar da ke jikin kowannensu shaida ce cewa suna tafiya daura da juna, watau ko an ja su har ƙarshen duniya ba za su haɗu ba. A tsakaninsu akwai ɗigo mai suna E, wanda ya ɗan karkata zuwa hagu da B da D. An ja layi daga B zuwa E, wani daga D zuwa E. Kusurwar ABE digiri 42 ce, kusurwar CDE kuwa digiri 35. Ana neman kusurwar BED, wadda aka sa wa x.

Abu na farko shi ne karatun sunan kusurwa. A cikin haruffa uku, na tsakiya shi ne inda kusurwar take zaune, sauran biyun suna nuna hannuwanta. Saboda haka ABE tana kan B, tsakanin BA da BE. Ɗalibin da ya ɗauke ta a ɗaya ɓangaren na B ya riga ya kama digiri 138 a maimakon 42, kuma duk abin da ya gina a kai rusasshe ne.

Abu na biyu shi ne a rarrabe abin da aka bayar da abin da ido ya zata. Zanen jarrabawa ba lalle ne a yi shi bisa awo ba, hoto kuma yana ƙara dagula al'amarin. Idan mai ɗauka ya karkatar da waya, layukan da ke daura da juna sai su bayyana kamar za su haɗu a can gaba, yadda ƙarafan titin jirgin ƙasa suke wa mai hangen nesa. Don haka ɗora ma'aunin kusurwa a kan hoto ɓata lokaci ne. Kibiyoyin nan biyu su ne amana. In sun dushe a hoton, ko an yanke jimlar da ta ambace su, wajibi ne a nemo asalin takardar. Dalili kuwa a fili yake. Da layukan biyu za su karkata da digiri 2 kacal, su haɗu a can dama, da amsar ta ragu da digiri 2, alhali a tsawon santimita 5 wannan karkata ba ta kai milimita 2 ba, ido ba zai lura da ita ba.

Sa'an nan sai a zo ga hujja. Ƙa'idar da ake bukata ita ce: idan layi ya ratsa layuka biyu da ke daura da juna, kusurwoyi biyu na ciki da ke ɓangarori daban-daban na layin da ya ratsa daidai suke. Malamai kan kwatanta su da lungunan harafin Z. Wahalar wannan zane ita ce babu layi ɗaya da ya ratsa AB da CD duka biyu, gama BE ya tsaya a E, DE ma haka. Maganin abin shi ne ɗalibi ya ƙara layi da hannunsa. Zai ja layi daga E zuwa dama, daura da AB, ya kira ƙarshensa F. Tun da EF yana daura da AB, AB kuma yana daura da CD, to EF yana daura da CD.

Wannan layi ya raba x gida biyu. A sama, BE ya ratsa AB da EF, saboda haka kusurwar BEF daidai take da ABE, watau digiri 42. A ƙasa, DE ya ratsa CD da EF, saboda haka kusurwar DEF daidai take da CDE, watau digiri 35. In an haɗa su, x = 42° + 35° = 77°. Ya kamata kowane mataki ya zo da dalilinsa a rubuce kusa da shi, domin a sashen da ake nuna aiki akwai maki na hanya ban da na amsa.

Mai hankali ba ya barin amsa ba tare da ya jarraba ta ba, kuma akwai hanya ta biyu. A ja BE ya zarce E har ya taɓa CD a wani ɗigo, G. Yanzu BG ya ratsa layukan biyu, don haka kusurwar BGD digiri 42 ce. A cikin alwatikar EGD akwai 42 da 35, kuma kusurwoyin alwatika jimlarsu digiri 180 ne, saura 103 ke nan a E. Kusurwar nan da x suna kan layi miƙaƙƙe ɗaya, saboda haka x = 180° − 103° = 77°. Hanyoyi biyu sun kai gida ɗaya.

Daga nan ake gane tushen kurakurai biyu da aka fi yi. Wanda ya rubuta 103 ya tsaya ne a tsakiyar hanya ta biyu, ya ba da maƙwabciyar kusurwar da aka tambaya. Wanda ya rubuta 283 kuwa ya haddace wata doka ce ta debe jimla daga 360, wadda take aiki in E ya faɗa dama da B da D. A can kusurwoyin da ke B da D buɗaɗɗu ne, misali 138 da 145, sai a debe 283 daga 360 a sami 77. A nan ido yana da amfani: ba zai auna kusurwa ba, amma yakan nuna cewa x tsukakkiya ce, ba ta kai kusurwar ginin ɗaki mai digiri 90 ba, kuma wannan ya isa ya sa a sake duba 103 da 283.

Ƙa'idar da aka dogara da ita tsohuwa ce. Tana cikin littafi na farko na Uklidis, wanda ya koyar a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a mas'ala ta 29, kuma nan ne farkon inda ya yi aiki da sharaɗinsa na biyar game da layukan da ba sa haɗuwa. Ma'anar wannan ita ce daidaiton kusurwoyin yana rataye ne kacokan a kan kasancewar layukan daura da juna. Ɗalibin da ya rubuta 77 ba tare da ya ambaci kibiyoyin ba ya bar ginshiƙin hujjarsa a waje, ko da amsarsa ta yi daidai.