Jawabin taya murna ga mata masu rigakafin kaji a ranar karɓar takardun shaida



Ranka ya daɗe mai gari, likitanmu na dabbobi da ya sha ɗawainiyar koyarwa, iyayena mata, da mazajen da suka bar matansu suka zo karatu, sannunku da zuwa. Ku kuma ɗalibai, barkanku. Allah ya sanya albarka a takardun nan da ke hannunku. Na ga wasunku sun zo aji da goyo a baya, wata ma sai da ta koyi rubuta lambobi kafin ta iya cike littafin rigakafi. Yau ga shi kowaccenku an shaida ta iya sarrafa maganin, ta iya ɗiga shi, ta iya rubuta abin da ta yi.

Ba zan daɗe ba, na san tuwo yana jira. Magana ɗaya nake so ku tafi da ita gida, game da ranar da za a gwada takardar nan.

Kun san cutar da aka horar da ku a kanta, wadda likitoci ke kira Niyukasal. Ko ba ku san sunan ba a da, kun san aikinta. Da hunturu ya kama sai ka ga kaza ta saki fukafukai kamar ta yafa zane, tana zawo kore, tana buɗe baki da ƙyar take numfashi, wata wuyanta ya murɗe. Cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Idan ta riga ta kama kaza babu maganin da ke warkar da ita. Rigakafi ne kawai, kuma maganin da kuka koya, I-2, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato take yi, ɗigo ɗaya ne a ido ɗaya. Ɗan tsako da zakara duk ɗigo ɗaya. Bayan wata huɗu a sake.

To ga inda gizo ke saƙa. Ɗigon nan ba ya aiki a ranar da aka yi shi. Sai an yi mako ɗaya zuwa biyu kafin jikin kaza ya samu ƙarfin kare kansa. Mutanenmu kuwa ba sa neman mai rigakafi sai sun ga kajin maƙwabta sun fara faɗuwa. A lokacin ne za a aiko yaro da gudu, a ce ki zo yanzu yanzu, ga kuɗi a hannu.

Ni kaina na taɓa zuwa. Shekarar da na fara wannan aiki, wata dattijuwa ta kira ni, kajinta goma sha biyu, biyu sun riga sun mutu. Na duba sauran, suna kiwo, suna tsattsagar ƙasa, lafiyarsu ƙalau a ido. Na ji kunyar in ce mata a'a, ga ta sa'ar mahaifiyata, na ɗiga musu duka. Ashe cutar ta riga ta shige su, ba ta dai fito fili ba. Kafin mako ya zagayo bakwai sun bi. Babu wanda ya ce cuta ce ta kashe su. Cewa aka yi, yarinyar nan mai kwalba ta zo ta ƙarasa wa Inna kajinta. Zagaye biyu na yi ina shiga unguwar nan ana mayar da ni daga zaure, har gidajen da ba su taɓa ganin fuskata ba.

Saboda haka idan kika shiga gida kika tarar da kaza marar lafiya, ko aka ce miki an yi mutuwar kaji a cikin kwanakin nan, kada ki buɗe kwalba. Ki ce, Inna, ki yi haƙuri, yau ba zai yi ba. Ki nuna mata ta ware marasa lafiya, ta binne waɗanda suka mutu da zurfi, kada a jefa su bola karnuka su ja. Ke ma ki wanke hannu da sabulu, ki wanke takalminki, kada ki wuce wani gida daga nan, don cutar tana bin ƙafa. Sannan ki sanar da likita. Wannan ba don ladabi ba ne kawai. Murar tsuntsaye tana kama da wannan cuta sosai, ido ba ya rabe su, kuma ita tana iya kama mutum. Takardarki ba ta ba ki ikon yanke hukunci tsakanin su biyun ba, ba ta kuma ba ki ikon yi wa akuya allura ko sayar da kafso ba, ko da an roƙe ki. Za a roƙe ki kuwa, don daga yau wasu likita za su riƙa ce miki.

Maganin duk wannan shi ne ki riga hunturu zuwa. Ana gama kaka ki fara zagaye, tun kaji suna lafiya. Ki kuma faɗa wa mai kaji gaskiya tun kafin ki ɗiga: wannan cuta ɗaya yake karewa. Ƙurajen da ke fitowa a tsoron kaza, ko tsutsar ciki, ko shaho, ba ruwansa da su. Wadda ta ji haka daga bakinki tun farko ba za ta zarge ki ba idan wani abu ya faru.

Sai batun kuɗi, tunda sana'a ce ba sadaka ba. Mu ɗauka kwalbarki ta kaji 100 ce, kin kashe naira 2,500 tsakanin sayenta da kuɗin mota, kina karɓar naira 50 kowace kaza. Idan kin ɗiga wa duka ɗarin, kin samu 5,000, ribarki 2,500. Amma da zarar kin haɗa maganin da ruwa, kwana biyu kawai gare shi, rana ta uku zubarwa ake yi. In kin buɗe kika samu kaji 40 kaɗai, kuɗinki 2,000, kin yi asarar 500, ga wahalar yawo. A nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum ya ajiye ragowar zuwa mako mai zuwa. Kada ki yarda. Maganin da ya mutu kamanninsa ɗaya da mai rai, kaza za ta karɓi ɗigonta, mai ita ta biya, sai hunturu ya zo ya tona asiri.

Don haka lissafi kafin buɗewa. Ki bi gida gida ki rubuta yawan kajin kowa, ranar zubin asusu ma dama ce, tunda mata suna haɗuwa wuri ɗaya. Ana gobe rigakafi ki aika a ce kada a saki kaji da safe, in ba haka ba rabin yininki zai ƙare a tseren zakara. Ki fita da sassafe. Kwalba tana cikin akwatin sanyi, in babu, ki naɗe ta a jiƙaƙƙen ƙyalle cikin kwando mai shan iska, ki yi aikinki a inuwa. Kada dai ta kwana a lalita ko aljihu, ɗumin jiki ma yana cin ƙarfinta.

Ku kuma mazaje da iyaye, roƙona gare ku, ranar da ɗaya daga cikin matan nan ta ƙi ɗiga wa kajinku, kada ku ce girman kai ne ya kama ta don ta samu takarda. Abin da aka koya mata ke nan, kuma a kansa aka ba ta shaidar.

Allah ya ba ku sa'a, ya tsare ku a hanya. Kafin a watse kowacce ta biya wurin sakatariya ta karɓi akwatinta da littafinta, ta duba bututun ɗigonta a gabanta ko yana yoyo. Masu son hoto da mai gari su matso nan gaba, sauran a shimfiɗa tabarmi.